Sumar da dabba kafin yanka: abin da jarrabawar sufeton abinci ke nema daga gare ka

Tambaya: Malam, ina kwas ɗin sufeton abinci, kuma darasin yankan halal yana rikita ni. Wani littafin ya ce an yarda a sumar da dabba da lantarki kafin a yanka, wani ya ce naman ya zama mushe. Wanne zan rubuta a jarrabawa? Kuma in aka kai ni mayanka, ta yaya zan gane yankan ya cika sharaɗin takardar halal?

Amsa: Ɗan'uwa, littattafan biyu ba ƙarya suka yi maka ba, kowanne wata ƙa'ida yake bi, kuma mai yiwuwa bai faɗa maka sunanta ba. Saboda haka kafin ka ɗora biro a kan takarda, duba tambayar ka ga wace ƙa'ida aka ambata. Mai jarrabawa ba fatawa yake nema a wurinka ba. So yake ya ga ko za ka iya ɗaukar rubutacciyar ƙa'ida, ka tsaya gaban layin yanka, ka ce wannan ya dace da ita, wancan bai dace ba, sannan ka kawo hujjar da ido ya gani ko na'ura ta auna.

Fara da ƙa'idar da kusan kowane kwas ke farawa da ita, wato jagorar Kodeks, hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya, a kan amfani da kalmar halal, mai lamba CAC/GL 24-1997. Gajeriya ce, a zama ɗaya za ka karance ta. A kan yanka ta ce mai yankan ya zama Musulmi mai hankali wanda ya san yadda ake yi, dabbar ta zama wadda shari'a ta halatta, ta kasance da rai lokacin yankan, a ambaci sunan Allah daf da yanka kowace dabba, wuƙar ta zama mai kaifi kuma kada a ɗaga ta a tsakiyar yanka, sannan yankan ya tsinke maƙogwaro da hanyar abinci da manyan jijiyoyin jinin wuya. Karanta ta da kyau za ka ga babu kalma ɗaya a kan sumarwa. Ta ma faɗa a farkonta cewa akwai saɓani tsakanin mazhabobi, kuma hukumomin ƙasar da ke sayen naman su ke da ta cewa wajen fassara. A wannan giɓin ne sauran ƙa'idoji suka shigo, irin su OIC/SMIIC 1 ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, da MS 1500 ta Malesiya, da GSO 993 ta ƙasashen Larabawa na yankin Tekun Fasha, kuma a nan suka rabu da juna.

Duk gardamar sumarwa a kan sharaɗi ɗaya take juyawa: dabbar tana da rai lokacin da wuƙa ta hau wuyanta? Aya ta 3 a Suratul Ma'ida ta lissafa wadda aka buge ta mutu cikin haramtattu, sannan ta ware wadda aka riska da rai aka yanka. To sumarwar da dabba za ta farfaɗo daga gare ta in aka bar ta, masu yarda sun ce ba ta fitar da ita daga masu rai ba. Wadda kuwa ke kashewa, ko ta yi wa dabbar illar da ba za ta tashi ba, waɗannan ƙa'idojin ba sa karɓarta. Majalisar Fiƙihu ta Duniya ta zauna a Jidda a 1997 ta ce asali shi ne a yanka ba tare da sumarwa ba, amma ta halatta naman dabbar da aka sumar da lantarki bisa sharuɗɗa: a ɗora wayoyin a kai, ƙarfin wutar ya zama amfiya 0.75 zuwa 1 ga tunkiya, 2 zuwa 2.5 ga saniya, na tsawon daƙiƙa 3 zuwa 6. A zama guda ɗin ta hana bindigar da ke huda ƙoƙon kai, ta kuma hana sumar da kaji da lantarki, saboda an ga adadi mai yawa na mutuwa kafin yanka. Malesiya kuma ta yarda da kwamin ruwan lantarki ga kaji in an kiyaye ma'aunin da ta gindaya. Ka ga ke nan inda littattafanka suka rabu.

Ga tunkiya lamarin yana da sauƙin fahimta. In aka matse kai da wayoyi biyu wuta ta ratsa ƙwaƙwalwa kaɗai, abin da ke faruwa tamkar farfaɗiya ne. Dabbar za ta faɗi ta sandare, ƙafafun gaba a miƙe, na baya a lanƙwashe, numfashi ya tsaya na ɗan lokaci, sai shure-shure ya biyo baya. Zuciya tana nan tana bugawa duk tsawon wannan. In ba a yanka ba, numfashi zai dawo ta tashi. Shi ya sa ake son wuƙa ta biyo baya cikin daƙiƙa 15, kafin ta fara jin jikinta. Amma in aka ɗora waya ɗaya a kai ɗaya a baya ko ƙirji, wutar za ta bi ta zuciya ta tsayar da ita, kuma wannan kisa ne da gangan. A jarrabawa ana son haɗa waɗannan biyu a tambaya guda don a ga wanda ya haddace "an yarda da lantarki" bai san ina wayar take ba.

Kaji ne masu wahala, don haka bari in tsaya a kansu da misalin da nakan ba ɗalibai.

A ce mayanka tana yanka kaji 3,000 a awa, wato 50 a minti. An rataye su ta ƙafa a sarƙar ƙarfe, kawunansu na ratsa kwamin ruwa mai wuta, kuma a kowane lokaci kaji 12 ne a cikin ruwan. Kowace kaza ke nan tana yin kusan daƙiƙa 14 a ciki. Ka duba allon na'ura ka ga 1.8 A, wato amfiya, da 500 Hz, wato saurin kaɗawar wutar. Abu na farko da ɗalibai ke mantawa shi ne lambar amfiyar ta kwamin gaba ɗaya ce, kajin suna raba ta ne. Raba 1.8 gida 12, kowace kaza ta sami amfiya 0.15, wato 150 mA. Yanzu a ce mayankar tana ƙarƙashin dokar Tarayyar Turai mai lamba 1099/2009. Wannan doka ta ce a kwamin ruwa kaza na bukatar aƙalla 100 mA in saurin kaɗawar wutar bai kai 200 Hz ba, 150 mA tsakanin 200 da 400 Hz, da 200 mA daga 400 zuwa 1500 Hz, na aƙalla daƙiƙa 4. A 500 Hz, 150 mA ya gaza. Kajin suna da rai, ta fuskar halal babu matsala, amma wasu ba su suma sosai ba, wutar ta shanye musu jiki ne kawai alhali suna ji. An karya dokar tausasa wa dabba.

Sai mai kula da na'ura ya ce ai gyaran mai sauƙi ne, ya murɗa ya mai da ita 50 Hz, ya bar amfiyar a inda take. A takarda yanzu ya wuce abin da doka ta nema, tunda 150 ya fi 100. Matsalar ita ce wuta mai jinkirin kaɗawa irin 50 Hz ita ce mai birkita bugun zuciya, kuma a kwamin ruwa wutar ba a kai take tsayawa ba, daga kai take shiga ta ratsa ƙirji ta fita ta ƙafa zuwa sarƙa. A 150 mA da 50 Hz mafi yawan kajin zuciyarsu za ta tsaya kafin su isa gaban mai yanka. Amfiya ɗaya ce a lokutan biyu, a na farko an saɓa wa dokar ƙasa, a na biyu an cika firiji da naman da ba zai ɗauki hatimin halal ba. Ɗalibin da ya rubuta amfiya kaɗai bai rubuta Hz ba, rabin maki nake ba shi, wani lokacin ma da ƙyar.

Ko da an dace da saitin, 150 ɗin nan matsakaici ne kawai. Kaji ba su da tsayayya iri ɗaya ga wuta. Wadda ƙafarta ta jiƙe ta kama sarƙa sosai za ta ja wuta fiye da rabonta, mai busasshiyar ƙafa mai kauri ta ja ƙasa da haka. A kwami ɗaya, a daƙiƙa ɗaya, wata na iya mutuwa wata ba ta ko suma ba. Ni a ganina wannan ne ainihin dalilin da ya sa masu hana kwamin ruwa ke da hujja mai ƙarfi, kuma shi ya sa ƙa'idar yankin Tekun Fasha ta fi tsanani a kan kaji fiye da ta Malesiya. Amma ra'ayina ne, kada ka kai shi ɗakin jarrabawa.

To ta yaya za ka gane mai rai? Nan ne tarkon da ya fi kama mutane. Yawancinmu mun taso da cewa in jini ya zuba kuma dabba ta yi shure-shure, to da ranta aka yanka. A yankan gida wannan alama ce mai kyau. Bayan lantarki ba ta wadatar ba. Kazar da zuciyarta ta tsaya yanzun nan, tana rataye kai a ƙasa, in aka tsinke jijiyoyin wuyanta jini zai zuba da yawa don nauyinsa kawai, illa dai ba zai yi tsartuwa da bugawa ba, kuma a gudun kaza 50 a minti ba kowane ido ke rarrabewa ba. Abin da za ka duba a mafitar kwami shi ne yanayin jiki. Wadda ta suma da rai za ka ga wuyanta a ɗan lanƙwashe, fikafikai a manne da jiki, ƙafafu a miƙe, jiki na ɓari, ido a buɗe. Wadda ta mutu jikinta kan saki da wuri, fikafikai su zubo, wuya ya yi laƙwas, ƙwayar ido ta buɗe, ko ka taɓa idon babu martani. Wadda kuma ba ta suma ba tana ƙifta ido, tana numfashi daidai, tana ƙoƙarin ɗaga kai.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce gwajin farfaɗowa. Za ka sa a cire wasu kaji daga sarƙa bayan kwami, kafin wuƙa, a kwantar da su gefe a wuri mai natsuwa, ka tsaya da agogo. Ka rubuta lokacin da numfashi ya dawo, da lokacin da kowace ta ɗaga kai, da wadda ba ta tashi ba sam. Yawan da ake cirewa da tsawon jiran suna cikin tsarin hukumar da ta ba mayankar takarda, shi za ka nema ka bi. Ana maimaita gwajin a farkon aiki da duk lokacin da aka canja garke, don kajin da suka fi ƙanƙanta ko suka galabaita a mota ba sa jure abin da na safe suka jure. A misalinmu, a ce ka cire goma bayan an murɗa zuwa 50 Hz, bakwai ba su motsa ba.

Abin da ya biyo baya shi ne wurin da ake raba wanda ya ci da wanda ya faɗi. Amsar da ba ta cika ba ita ce "a zubar da bakwai ɗin, a gyara na'ura." Cikakkiyar amsa ita ce a tsayar da layi, a nemo rajistar na'urar a ga yaushe aka taɓa saitin, a kuma nemo lokacin gwaji na ƙarshe da ya yi kyau. In gwajin ƙarfe takwas ya yi kyau, kai kuma ka gano matsalar ƙarfe goma, kuma babu rubutun lokacin da aka murɗa, to duk abin da ya wuce cikin awa biyun nan abin zargi ne, kaji 6,000 ke nan. A tsare su, a manna musu alamar riƙewa, a ware su daga sauran a ɗakin sanyi, kada a buga musu tambarin halal. Bayan an fige an feɗe babu mai iya nuna maka wadda ta mutu a kwami daga wadda ta mutu a wuƙa. Sannan a rubuta rahoto a sanar da hukumar da ta ba da takardar. Mai mayanka zai yi ta roƙo, zai ce ai naman lafiyarsa ƙalau. Gaskiya ne, yana iya zama lafiyayye ga ciki, doka ma tana iya barin a sayar da shi a matsayin nama kawai, abin da ya rasa shi ne sunan halal. Rarrabe waɗannan hukunci biyu yana fitowa a jarrabawa sosai, don a ƙasashe da yawa sufeton gwamnati lafiya da gaskiyar lakabi yake dubawa, mai sa ido na hukumar halal kuma shi ke da hukuncin shari'a. Ka san iyakar ikon kujerar da tambayar ta zaunar da kai.

Kada ka bar layin ba ka ƙirga masu yanka ba. Kaza 50 a minti ga mutum ɗaya na nufin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai ga kowace, ya kama kai, ya yi bisimilla, ya yanka. Ba zai ɗore ba. In su uku ne, kowa na da fiye da daƙiƙa uku da rabi, abin ya shiga hankali. Rediyo mai maimaita bisimilla ko rubutu a jikin bango ba ya maye bakin mai yanka. Malamai sun yi sassauci ga wanda ya manta, Shafi'iyya ma sunna suka ɗauke ta, amma in tambaya ta ce bisa Kodeks, amsar ita ce kowace dabba da tata.

Haka batun abin da ake tsinkewa. Malikiyya sun ce maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, Shafi'iyya maƙogwaro da hanyar abinci, Abu Hanifa ya ce uku cikin huɗu. Ƙa'idojin kasuwanci sun ɗauki abin da zai gamsar da kowa, a tsinke duka. Duba shi da hannu ake yi: ɗauki kaza bayan ta gama zubar da jini, buɗe bakin yankan da yatsa, ka ga bututun iska mai zobba-zobba ya rabu biyu, hanyar abinci mai laushi da ke bayansa ma haka, sannan jijiyoyin gefe biyu. Kuskuren da aka fi gani shi ne yankan gefe ɗaya, wuƙa ta goce ta bar jijiyoyin ɗaya ɓangaren. A dabba babba kuma ka duba zakaran wuya ya tafi ɓangaren kai. Can gaba, bayan injin figa, ka tsaya ka ga ko akwai kaza mai fata ja jawur. Wannan ta tsallake wuƙa ne ko an yi mata yankan da bai isa ba, ta shiga ruwan zafi da sauran rai, kuma ita kam dokar lafiya da ta halal sun haɗu a kan watsar da ita. Dokar Birtaniya ta ce a bar kaza ta zubar da jini aƙalla daƙiƙa 90 kafin ruwan zafi. In jajayen sun yi yawa, ko masu yanka sun gaji ne ko an ƙara wa sarƙa gudu.

Saniya tana da nata abin lura guda, ko da ba a sumar da ita ba. Bayan jijiyoyin da wuƙa ke kaiwa, tana da wasu da ke bi ta cikin ƙashin wuya suna kai jini ƙwaƙwalwa. Wani lokaci kuma bakin jijiyar da aka yanke yakan kumbura ya toshe, jini ya rage zuba, sai ta daɗe ba ta fita hayyacinta ba. Shi ya sa ake son doguwar wuƙa, kamar ninki biyu na faɗin wuya, marar giɓi, da yanka kusa da muƙamuƙi, kuma ba a fara fiɗa ko yanke ƙafa sai an tabbatar rai ya fita.

Batun takarda zan taƙaita, don sauƙinsa ya fi yawa in ka riƙe cewa takardu iri biyu ne. Akwai ta mayanka, wadda ke cewa wannan wuri mai lamba kaza an amince ya yanka dabba iri kaza har zuwa rana kaza. Akwai kuma ta kaya, wadda ke bin kwantena ɗaya, ɗauke da ranar yanka, nauyi, yawan kwalaye da lambar rukuni. Ta farko ba ta maye ta biyu. Tambayoyin jarrabawa kan ɓoye kuskuren a ɗaya daga wurare kaɗan: ranar yanka ta faɗo bayan wa'adin takardar mayanka ya ƙare, ko takardar ta shafi shanu kayan kuma kaji ne, ko lambar mayanka a kwali ta bambanta da ta takarda, ko an yanka a wuri mai takarda amma an daddatsa an kuma ƙulle a wani wurin da ba shi da ita. Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne hukumar da ta sa hannu. Takarda na iya zama ta gaske, hatiminta na gaske, amma ƙasar da kayan za su shiga ba ta san da wannan hukumar ba. Malesiya, ta hannun hukumarta ta harkokin Musulunci JAKIM, tana fitar da jerin hukumomin waje da ta amince da su, Indonesiya ma tana da nata tsarin a ƙarƙashin hukumarta ta halal BPJPH, kuma ana sa suna ana cirewa. Ka duba jerin da ke aiki a ranar da aka yanka. In kuma ƙasar da za a kai kayan ba ta yarda da sumar da kaji ba, to ka nemi wurin da takardar kayan ta faɗi hanyar yankan, ka gwada shi da rajistar mayanka ta ranar, domin mayanka ɗaya na iya kunna kwami da safe ta kashe shi da rana gwargwadon wanda ya yi odar.